Takardar amsoshin reshiyo: a rubuta amsa kawai, ko a nuna kowane mataki?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, iyayena da abokan aiki. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare, azuzuwa uku, kuma a makon jiya na ba su takardar atisaye mai tambayoyi 12 a kan reshiyo da daidaito. Saboda yawan takardun, sai na raba aikin dubawa tsakanina da ɗan bautar ƙasa da aka turo mana da kuma wata ɗaliba mai koyon aikin koyarwa, na ba kowannensu takardar amsoshi wadda ba ta ƙunshi komai ba sai lambar tambaya da amsarta ta ƙarshe. Da takardun suka dawo hannuna, sai na tarar da yara biyu da suka yi kuskure iri ɗaya a tambaya ta uku, ɗaya an ba shi maki 3 cikin 5, ɗayan kuma an ba shi sifili. Tambayar ita ce a raba ribar ₦84,000 tsakanin Audu da Bala a kan 3:4. Yaran biyu duk sun tara 3 da 4, duk sun raba kuɗin gida 7, amma suka sami 1,200 maimakon 12,000, sannan suka ci gaba da wannan lambar har ƙarshe. Ban ga laifin masu dubawar ba, domin ni ce ban faɗa musu abin da za su yi da irin wannan takarda ba. Yanzu ina so in sake rubuta takardar amsoshin ta yadda za ta nuna aikin daga farko har ƙarshe, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a kan yadda ake tsara ta da kuma iyakar bayanin da ya kamata a saka.

Malam Iliya:
Wa alaikumus salam, Malama. Idan amsoshin kike nema, Audu zai sami ₦36,000, Bala kuma ₦48,000. Ki turo sauran tambayoyin goma sha ɗaya, in sha Allahu zan warware miki su kafin la'asar.

Malama Hadiza:
Na gode ƙwarai, Malam Iliya, amma amsoshin suna hannuna tun farko. Abin da nake tambaya shi ne yadda zan rubuta hanyar da aka bi aka kai gare su, domin mutum uku su duba takarda ɗaya su ba da maki ɗaya.

Baba Malam Abdullahi:
'Yata Hadiza, na yi shekaru ina zuwa duba takardun jarrabawar WAEC kafin in ajiye aiki, kuma abin da kika gamu da shi shi ne dalilin da ya sa ba a taɓa miƙa wa mai dubawa amsa tsagwaronta. A can makin lissafi kashi uku ne. Akwai makin hanya, wanda ake yi wa alamar M, ana ba da shi idan yaro ya ɗauki matakin da ya dace ko da lissafinsa ya goce. Akwai makin dacewar amsa, mai alamar A, wanda ba a ba da shi sai an riga an sami makin hanyar da ya rataya a kansa. Sannan akwai mai alamar B, wanda yake tsaye da ƙafarsa, ba ya jiran wani. Idan da ni ne zan rubuta tambayarki ta uku, ga yadda zan shimfiɗa ta, kowane layi da abin da aka yanke shawarar yi da kuma makinsa:

Jimillar kaso: 3 + 4 = 7 (B1)
Darajar kaso ɗaya: 84,000 ÷ 7 (M1)
Kaso ɗaya ya zama ₦12,000 (A1)
Audu: 3 × 12,000, Bala: 4 × 12,000 (M1)
Audu ₦36,000, Bala ₦48,000 (A1)
Gwaji: 36,000 + 48,000 = 84,000

Da wannan a gabansu, masu taya ki dubawa ba za su saɓa ba. Yaron da ya sami 1,200 ya tara kaso daidai, ya san cewa rabawa za a yi, ya kuma san cewa zai ninka abin da ya samu sau 3 da sau 4, saboda haka yana da maki 3, ya rasa biyu na dacewar amsa. Wanda ya ba shi sifili ya hukunta shi kamar wanda bai san komai a darasin ba, alhali matsalarsa tana wajen rabawa mai tsawo, ya jefar da sifili ɗaya. Layin gwaji na ƙarshe ban sa masa maki ba, amma kada ki bar shi, domin da yaron ya saba da shi, da ya tara 3,600 da 4,800 ya ga 8,400, ya gane da kansa cewa kuɗin mutane sun ɓace a hanya.

Malam Nasiru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayanin ya fito sarai. Sai dai ni ina ganin an tsawaita abin da yake gajere. Tambayoyi 12, kowace da layi shida, shafi huɗu ke nan, kuma mun san halin da ake ciki game da kuɗin buga takarda a makarantunmu. Ni hanya ɗaya nake koya wa yarana a wannan babi gaba ɗaya, wato a jera lambobin biyu-biyu a ninka su a gicciye. Duk tambayar daidaito tana warwaruwa da ita cikin layi biyu, kuma idan aka rubuta takardar amsoshi da wannan hanya kaɗai, shafi ɗaya ya wadatar, mai dubawa ma ba zai ruɗe ba.

Baba Malam Abdullahi:
Malam Nasiru, a kan batun tsawo kana da gaskiya, kuma zan dawo kansa. Amma cewa ninkawa a gicciye tana warware kowace tambaya, a nan ban bi ka ba. Tana aiki ne idan abubuwan biyu suna ƙaruwa tare da ninki ɗaya, kamar yawan mudun shinkafa da kuɗinsa. Idan ɗaya yana ƙaruwa ɗayan yana raguwa, kamar yawan leburori da kwanakin aiki, yaron da ya jera lambobin yadda suka zo a tambaya zai faɗa rami. Hadiza, na tabbata akwai irin wannan a takardarki. Ki kawo mana ita mu gani.

Malama Hadiza:
Akwai, Baba, ita ce ta tara. Leburori 4 suna gama haƙa tushen gini a kwana 6, to kwana nawa leburori 6 za su ɗauka idan ƙarfin aikinsu ɗaya ne? Amsar ita ce kwana 4. Da na koma kan takardun yanzu, na ga yara da yawa sun rubuta kwana 9, kuma aikinsu shi ne 4/6 = 6/x, sai 4x = 36. Amma abin da ya faranta mini rai shi ne fiye da rabin ajin sun sami 4 ɗin.

Baba Malam Abdullahi:
Masu kwana 9 su ne waɗanda nake nuna wa Malam Nasiru, an ƙara ma'aikata amma aikin ya ƙara daɗewa, kuma alƙalaminsu bai tsaya ya yi mamaki ba. To amma, 'yata, kada ki yi saurin murna da masu 4, ki duba yadda suka same ta tukuna. Wannan tambayar tana da wani lahani a cikin lambobinta wanda ba za a gan shi ba sai an zauna rubuta aikin a cike. Hanyar gaskiya ita ce a ce aikin duka yana cin 4 × 6 = 24, wato da mutum ɗaya ne zai yi shi da kwana 24 zai ɗauka, sannan a raba 24 ga mutum 6 a sami kwana 4. Yanzu ki ɗauki yaron da ya yi tunani cewa an ƙara leburori biyu, saboda haka a rage kwana biyu, 6 a ɗebe 2 saura 4. Ya sami amsarki da hanyar da ba ta da tushe. Ki kuma ɗauki wanda bai yi tunanin komai ba, ya ga 4 da 6 sannan ya ga 6, sai ya juya su ya rubuta 4. Shi ma ya dace. Takardar amsoshi mai cewa "9. Kwana 4" za ta ba waɗannan ukun maki ɗaya, ke kuma ki wuce babi na gaba kina zaton sun gane.

Shi ya sa nake cewa a rubuta takardar amsoshin kafin a buga tambayoyin, ba bayan an raba su ba. Idan kin gama warware tambaya ta hanyar da ta dace, sai ki sake warware ta da kowace gurguwar hanya da kika san yara suna bi, ki ga ko wata za ta kai ga amsa ɗaya da ta gaskiya. Idan ta kai, ki canja lambobin. A wannan, da kin ce leburori 6 suna gamawa a kwana 10, kwana nawa 4 za su ɗauka, to amsar gaskiya 60 ÷ 4 = 15 ce, mai ƙari da ragi zai sami 12, mai ninkawa a gicciye ba tare da tunani ba zai sami 6 da ɗoriya, kuma babu lambar da za a kwafa daga cikin tambayar a dace. Kowace amsa ta zama shaidar hanyar da aka bi.

Malama Hadiza:
Innalillahi, Baba, na je na ƙirga a aji ɗaya. Cikin waɗanda suka rubuta kwana 4, goma sha ɗaya ne kawai 24 ta bayyana a aikinsu. Bakwai sun rubuta 6 − 2 ƙarara, sauran kuma babu komai sai amsar. Ni da hannuna na ba su duka cikakken maki.

Malam Nasiru:
Na karɓi gyara a kan tambayar leburori, ko da yake ni ina koya wa yara su juya ɓangare ɗaya kafin su ninka idan tambayar irin ta kishiya ce, don haka hanyar ba ta mutu ba, sai dai tana buƙatar a san lokacin juyawa. Abin da har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne a ba yaro maki 3 cikin 5 alhali ya ce rabon Audu ₦3,600 ne. A kasuwa babu wanda zai yaba masa don ya san hanya, kuɗi ne ya salwanta. Kuma a jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu, amsa kaɗai ake dubawa.

Malama Asabe:
Malam Nasiru, ai lokacin juyawar shi ne darasin gaba ɗaya, kuma shi ne ya kamata ya zama layin farko a takardar amsoshi. Ni a tawa, kafin kowace lamba ta fito, ina rubuta jimla ɗaya da kalmomi, misali: leburori sun ragu, saboda haka kwanaki za su ƙaru, amsar za ta haura 10. Ina ba wannan jimlar maki guda, kuma na lura cewa yaron da ya rubuta ta da wuya ya kawo 6 da ɗoriya ya yi shiru. Game da makin hanya kuwa, takardar atisaye ba kasuwa ba ce, wurin gano ciwo ce. Idan na ba mai 1,200 sifili, na kuma ba wanda ya ɗauki 3/4 na 84,000 ya sami 63,000 sifili, to a littafin makina sun zama ɗaya, alhali na farko yana buƙatar atisayen rabawa na minti goma, na biyu kuwa bai gane cewa 3:4 yana kwatanta rabon Audu da rabon Bala ne ba, ba rabon Audu da kuɗin duka ba. Wannan na biyun sai an sake zama da shi da duwatsu bakwai ko murafun kwalba bakwai a kan tebur, uku a nan huɗu a can, kafin ya ga inda 7 ta fito.

Don haka a gefen dama na takardar amsoshina ina ja layi, in rubuta amsoshin kuskure da nake sa rai da ma'anar kowace. A tambayar Hadiza ta uku zan rubuta cewa 63,000 tana nufin an ɗauki 4 a matsayin jimilla, 28,000 da 21,000 suna nufin an raba kuɗin da 3 sannan da 4 daban-daban, 48,000 a gaban sunan Audu kuma tana nufin an juya tsarin sunayen. Mai taya ni dubawa ba sai ya yi dogon nazari ba, yana ganin lambar ya san makin da zai bayar da kalmar da zai rubuta wa yaron.

Malam Issufu:
Gaisuwa daga Maraɗi, malamai. Ina bin wannan muhawara da sha'awa domin mu a nan Nijar da Faransanci muke koyarwa, kuma hanyar da yaranmu suka fi sabawa da ita ita ce tebur mai layi biyu, abu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a nemo lambar da ake ninka na sama da ita a sami na ƙasa. Akwai kuma wadda muke kira ƙa'idar uku, wadda ta yi kama da taku ta neman darajar guda ɗaya. Tambayata ga Baba ita ce, idan takardar amsoshi ta nuna hanya ɗaya, yaro kuma ya zo da wata wadda take daidai, yaya mai dubawa zai raba makin? Na taɓa ganin an soke wa yarinya aiki mai kyau don kawai bai yi kama da na takardar malami ba. Sannan ina da wata matsala tamu ta gida. Yaro yana lissafin kuɗi a ransa da dala, kuma dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. Idan na ce sabulu 3 sun tashi 600, nawa ne ɗaya, sai wani ya rubuta 40, domin a kansa dala 120 ce ya raba uku, amsarsa kuma daidai take da 200 idan da ya faɗi abin da yake ƙirgawa. Tun daga lokacin na sa a takardar amsoshina cewa kowace lamba ta zo da sunan ma'auninta a kowane layi, ba a ƙarshe kaɗai ba.

Baba Malam Abdullahi:
Malam Issufu, barka da zuwa, tambayarka ta taɓa inda yawancin takardun amsoshi suke gazawa. Maki ba na siffar rubutu ba ne, na matakin tunani ne, don haka sai a rubuta a takardar abin da kowane maki yake saye. A rabon ₦84,000, yaron da ya rubuta 3/7 × 84,000 a layi ɗaya ya riga ya nuna 7, ya nuna rabawa, ya nuna ninkawa, saboda haka ya tattara makin waɗannan matakai a dunƙule, kuma ba za a rage masa don 12,000 ba ta fito a fili ba. Ni ina rubuta babbar hanya a cike, sannan a ƙarƙashinta in rubuta "ko kuma" in kawo ta biyu a taƙaice da makinta, jimillar ta zo ɗaya. Hanya ta uku da ba a zata ba, umarnina ga mai dubawa shi ne ya ware takardar ya kawo mini, kada ya soke.

Akwai ma inda hanyar neman darajar guda ɗaya take jawo rigima. A ce littattafai 3 sun tashi ₦2,000, nawa ne 12? Wanda ya lura cewa 12 ninki huɗu ne na 3 zai ce 4 × 2,000 = 8,000 ya gama. Wanda ya nemi kuɗin littafi ɗaya zai sami 666.666 da ba ta ƙarewa, idan ya mayar da ita 667 zai ƙare da 8,004, idan ya yanke ta a 666 zai ƙare da 7,992. Dole takardar amsoshi ta faɗi tun farko abin da za a yi da waɗannan. Ni ina ba su makin hanya duka in hana na ƙarshe, in kuma rubuta a gefe cewa a bar lambar a matsayin 2,000/3 har sai an ninka. Idan ba a rubuta wannan ba, mai dubawa ɗaya zai ce 8,004 ta yi kusa ya karɓa, ɗayan ya ƙi, mu koma inda Hadiza ta fara.

Batun ma'auni da ka kawo kuma haka yake a wajenmu ta wata fuskar. Idan aka ce a rubuta santimita 40 da mita 2 a matsayin reshiyo, masu rubuta 40:2 su sauƙaƙa zuwa 20:1 ba su da iyaka. Layin da ya cancanci maki na farko shi ne mayar da mita 2 zuwa santimita 200, daga nan 40:200 ta zama 1:5.

Malam Iliya:
Yanzu na fahimci abin da ake magana a kai, ku gafarce ni da na farko. Ina da ƙari ɗaya daga abin da na gani a allon wani abokin aiki, wanda ni ma na sha yi. Muna rubuta 84,000 ÷ 7 = 12,000 × 3 = 36,000 a jere, domin haka bakinmu yake faɗa. Amma a rubuce wannan yana cewa 12,000 daidai take da 36,000. Idan takardar amsoshi ta zo da irin wannan, yara za su kwafe shi a matsayin daidai, don haka kowane lissafi ya samu layinsa.

Malama Asabe:
Wannan gaskiya ne, Malam Iliya, kuma ya kawo mu ga tambayar da ba a yi ba tukuna. Hadiza, takardar nan ta masu dubawa ce kaɗai, ko za ki ba yara ita bayan an mayar musu da aikinsu? Ni ina ba su, ina manna kwafi ɗaya a bangon aji su gyara da kansu da jan biro.

Malam Nasiru:
A nan ne nake da babban tsoro, Malama Asabe, kuma daga abin da ya faru da ni nake magana. Shekarar da ta wuce na manna cikakken aiki na irin tambayar rabon riba, yara suka haddace shi kamar karatun allo: a tara, a raba, a ninka. A jarrabawar ƙarshen zango na ce an raba kuɗi a kan 3:5, babban rabo ya fi ƙarami da ₦14,000, nawa ne kuɗin duka. Kusan ajin gaba ɗaya suka tara 3 da 5, suka raba 14,000 da 8, suka sami 1,750. Ba su tsaya sun ga cewa 14,000 bambanci ne ba, wato kaso 2 ne, kaso ɗaya 7,000, jimilla 56,000. Cikakken aikin da na ba su shi ne ya zama musu tarko. Da ban ba su ba, wataƙila da sun yi tunani.

Baba Malam Abdullahi:
Labarinka yana da amfani, Malam Nasiru, amma ina so ka duba abin da ka manna ɗin. Idan layinka na biyu ya ce 84,000 ÷ 7 kawai, to ka nuna musu abin da hannu ya yi, ba ka nuna musu dalilin da ya sa ya yi ba. Da layin ya ce "₦84,000 ita ce kuɗin duka, saboda haka tana daidai da kaso 7", to yaron da ya haddace ma zai haddace tambayar da ke ciki, wato wannan kuɗin da aka ba ni, kaso nawa yake wakilta? Da wannan tambayar a kansa, idan ya ga 14,000 zai nemi amsarta, ya iske kaso 2. Na yarda ni ma a tsarin da na rubuta wa Hadiza a sama ban sa wannan jimlar ba, domin masu dubawa nake tunani, kuma ya kamata a ƙara ta. Ban ce wannan zai hana kowa haddar makanta ba, akwai yaran da za su yi ta duk yadda aka rubuta.

Game da tsawo da na yi alkawarin dawowa kansa, ba lallai ne duk tambayoyi 12 su sami layi shida ba. Tambayoyin Hadiza ba za su wuce iri huɗu ko biyar ba. Ta farko a kowane iri a rubuta ta a cike da dalilai, 'yan'uwanta kuma a rubuta lambobin tsakiya kaɗai da makinsu, kamar 7, sai 12,000, sai amsa. Da haka gaba da bayan takarda ɗaya za su ɗauke ta.

Malam Nasiru:
Ranka ya daɗe, na yarda da jimlar dalili, zan kuma gwada ta a wannan zangon. Amma manna wa yara takardar, har yanzu ina kan ra'ayina cewa a warware biyu a allo tare da su, sauran a bar su su sake gwadawa ba tare da sun ga aikin malami ba.

Malama Asabe:
A ajin da yake da yara saba'in, Malam, wanda ya kasa a karo na biyu wa zai zauna da shi? Takardar bango ita ce malamin da yake samu bayan an tashi. Amma na ga abin da kake gudu, kuma wataƙila zan riƙa jinkirta mannawa zuwa kwana biyu bayan an mayar da takardu.

Malama Hadiza:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yi daren jiya. Na sake rubuta takardar a shafi biyu, aiki a hagu, maki a tsakiya, amsoshin kuskure da ma'anarsu a dama kamar yadda Malama Asabe ta kwatanta, kuma na sa jimlar dalili a farkon kowane iri. Na gwada gurguwar hanya a kan duk tambayoyin, sai na sami wata mai lahani irin na ta tara, ita ce ta biyar, inda na ce kofi 2 na sukari yana tafiya da kofi 4 na fulawa, fulawa nawa za a sa wa kofi 4 na sukari. Mai ninka 4 da 2 don ya gane dalili da mai ninka su don kawai su ne lambobin da ya gani duk 8 za su samu, saboda haka na mayar da ita kofi 4 da kofi 6, a nemi na kofi 10, inda amsar gaskiya take 15, mai ƙara shida-shida kuma zai sami 12. Da safen nan na zaɓi takardu biyar, mu uku kowa ya duba su shi kaɗai da sabuwar takardar, muka kwatanta. Mun dace a huɗu. A ta biyar mun saɓa da maki ɗaya, domin yarinyar ta rubuta ₦36,000 da ₦48,000 daidai amma babu aiki ko layi ɗaya, sai wasu ɗigo-ɗigo bakwai a gefen takarda, uku an kewaye su. Ɗan bautar ƙasa ya ce ɗigon nan shi ne 3 + 4 ɗinta, ni kuma ban tabbata ba. Baba, idan kana kusa, yaya za a yi da wannan?